Wasan Lahadi da Tuwon Asabar Ake Buga Shi

Duk wanda ya saba zaman kallo a filin ƙwallo ya san abin da ke faruwa daga wajen minti na 65. Ɗan wasan tsakiyar da ya yi ta kai da kawo kafin hutun rabin lokaci sai a ga ya fara riƙe ƙugu. A ba shi ƙwallo ya mayar da ita baya, a ƙwace a ruga ya raka da ido. Daga kan kujeru sai a fara yanke hukunci: ba ya atisaye, ya tsufa, yana cin dare, wasu ma su ce jifa ne. Wani lokaci akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma sau da yawa laifin yana cikin kwanon da yaron ya ci jiya, ko ma wanda ya kamata ya ci bai ci ba.

Abin da ke rikita mutane shi ne, jajibirin wasa da washegarinsa su ne ranakun da ɗan ƙwallo ya fi samun sauƙin aiki. A jajibiri atisaye ɗan kaɗan ne, a gwada bugun kusurwa da bugun tazara a watse. A washegari kuwa hutu ne ko 'yar sassarfa. To da yake bai yi gumi ba, yunwa ba ta dame shi ba, shi kuma yana ganin ai wanda bai yi aiki ba bai cancanci babban kwano ba. Ga shi kuwa waɗannan ranaku biyu su ne jikinsa ya fi bukatar abinci mai sitaci. Ƙafa ce ke hutu a ranakun, ba ciki ba.

Rumbu biyu a jiki ɗaya

Idan mutum ya ci shinkafa, tuwo, doya, taliya ko burodi, ciki yana narkar da sitacin ya zama sikari ya shiga jini. Wanda ba a ƙona nan take ba, jiki yana ƙulla shi ya adana, kuma wannan ajiyar ita ce masana ke kira gilaikojin. Rumbu biyu ake zuba ta. Babban yana cikin tsokoki, yana ɗaukar kamar giram 300 zuwa 500 gwargwadon girman mutum da yadda ya horu. Ƙaramin yana cikin hanta, bai fi giram 100 ba, kuma shi ke ciyar da jini da ƙwaƙwalwa tsakanin wannan cin abinci da wancan.

Babban rumbun yana da wani hali da ya kamata a sani: ba ya ba da aro. Abin da ke cikin tsokar cinya, cinya ce kaɗai za ta ci shi. Idan na sha-raɓa ya ƙare, na damtse ba zai sauko ya taimaka ba. Kitse kuwa jiki yana da shi jibgi, ko a jikin siririn ɗan wasa, sai dai wutarsa a hankali take ci. Ya isa tafiya da sassarfa, amma bai isa gudun fanfalaƙi na mita talatin da za a maimaita sau da dama ba. Wannan gudun, da tsalle, da birki, da juyawa, duk daga rumbun sitaci ake ɗibar musu.

Ba jiya aka gano wannan ba. Tun a 1973 wani masani ɗan ƙasar Sweden, Bengt Saltin, ya auna tsokar 'yan ƙwallo kafin wasa da bayansa. Waɗanda suka shiga fili da ƙarancin ajiya ba su ci nisan da sauran suka ci ba, kuma kusan rabin tazarar tasu da tafiya suka yi ta, alhali sauran abin da suka yi da tafiya bai wuce kamar kwata ba. A 2006 kuma Peter Krustrup da abokan aikinsa a Denmark suka duba zaruruwan tsoka bayan an tashi wasa, suka tarar kusan rabinsu sun zama wayam ko suna dab da haka. Ɗan wasan da ke cin kilomita 10 zuwa 12 a wasa ɗaya, idan rabin zaruruwan ƙafarsa ba su da abin ƙonawa, to ba ragwanci ne ya sa ya riƙe ƙugu ba.

Cika babban rumbun nan yana ɗaukar lokaci, kusan yini da kwana. Shi ya sa abincin da aka ci sa'o'i uku kafin wasa, duk kyansa, ba zai gyara ɓarnar jiya ba. Aikinsa ya fi karkata ga mayar wa hanta abin da ta kashe cikin dare. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, haka ranar wasa ba a ɓoyon abin da aka ci jiya.

Asabar: nawa ne "da yawa"?

A 2020 hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta tara masana suka fitar da matsaya kan abincin manyan 'yan wasa. Abin da suka tsayar game da jajibiri shi ne giram 6 zuwa 8 na sitaci da sikari a kan kowane kilo na nauyin ɗan wasa. A lura, ba nauyin abincin a faranti ake nufi ba, sitacin da ke cikinsa ake nufi, domin dafaffiyar shinkafa galibinta ruwa ce.

Mu ɗauki ɗan wasan tsakiya mai kilo 70, wanda zai buga wasa ranar Lahadi da ƙarfe huɗu na yamma kamar yadda aka saba a gasar Najeriya, ga kuma wani wasan yana jiransa ranar Laraba. Lissafinsa na Asabar ya kama daga giram 420 zuwa 560. Mu ce 500. Da a ce da shinkafa zalla zai biya wannan bashin, sai ya ci abin da ya kusa kilo biyu dafaffiya. A nan ne mutane ke zare ido, domin yawancin 'yan wasan da ke cewa "ai na ci sosai" ba su kai ko kusa ba. Ba a nan gida kaɗai ba: wani bincike da aka buga a 2017 kan 'yan wasan Firimiyar Ingila ya tarar suna cin kamar giram 4 a kowane kilo a ranakun atisaye, sai ranar wasa suke haurawa sama da 6. Wato masu kuku da likitan abinci ma suna makara da kwana ɗaya.

Ba wanda zai zauna ya tashi da kilo biyu na shinkafa a zama ɗaya ya kwana lafiya. Dabarar ita ce rarrabawa, a kuma bar wani kaso ya shiga ta hanyar sha. Da safe ya sha babban kofi na koko da sikari, ya haɗa da burodi kamar yanka biyar, da ƙwai biyu dafaffu, da ayaba ɗaya. Wannan zama ɗaya ya ba shi wajen giram 160 tun rana ba ta yi zafi ba. Da rana, bayan ɗan atisayen, a dafa masa shinkafa cikin gwangwanin madara ɗaya, wadda idan ta nuna za ta cika faranti ta yi tozo, da miya mara mai da yawa da cinyar kaza, ya kora da zoɓo mai sikari. An ƙara kamar 140. Bayan la'asar dabino goma, kusan 50 ke nan. Da daddare kwatan ledar taliya mai rabin kilo da kifi da ayaba ɗaya, wajen 115. Kafin ya kwanta ya sha kofin kindirmo da cokali biyu na zuma. Idan aka tattara an kai 500 ko kusa da haka, ba tare da ya taɓa cin abin da ya fi ƙarfin cikinsa ba.

Duk lissafin nan kintace ne, domin kokon wani ya fi na wani kauri, burodin wani gari ya fi na wani nauyi. Ba kuma dole sai waɗannan ba. Tuwon shinkafa, tuwon masara, sakwara, dafaffiyar doya, dankali, sinasir, duk hanya ɗaya suke bi. Abin da nake so a kama shi ne siffar yinin: zama biyar ko shida, kowanne sitaci ne jigonsa, kuma babban cin yana safe da rana. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yini ana tsakura, sai dare ya yi a ɗora wa ciki kaya. Mutum ya kwanta yana nishi, barci ya ƙi, ya tashi da nauyin ciki, rumbun kuma bai cika ba.

Yanzu ga maganar nama, wadda nan ne gardama take. A tunanin yawancinmu ƙarfi a nama yake, don haka idan ana son a kyautata wa ɗan wasa a daren wasa sai a kai shi wajen mai tsire ko mai balangu. Nama yana da amfaninsa, shi ke gyara tsoka, amma ba ya cika rumbun da muke magana. Abin da yake yi a jajibiri shi ne ya tare wuri. Wanda ya ƙoshi da balangu ba zai iya cin taliyarsa ba. Yanki kamar tafin hannu a abincin rana da na dare ya wadatar.

Mai ya fi nama ɓarna. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na sitaci fiye da sau biyu, yana daɗewa a ciki, yana kuma kashe sha'awar abinci. Farantin shinkafa da mai da yaji, ko waina da ta sha mai, ko soyayyar doya da ƙosai, suna sa mutum ya ji ya ƙoshi dam alhali rabin abin da ya ƙosar da shi mai ne. Wannan ita ce ƙoshin ƙarya, kuma a fili take tonuwa. Wake ma, duk albarkarsa, ba na Asabar ba ne. Shi da alale da ɗanwake da kwaɗon zogale da ɗanyen kabeji suna da dusa mai yawa, suna kumbura ciki su tara iska. Akwai wanda cikinsa ya saba, ba ya jin komai. Wannan sai a ƙyale shi. Amma wanda ya san yana yawan neman bayi da safiyar wasa, ya ɗage su zuwa Litinin.

Akwai wata alama da ke tsorata 'yan wasa ba gaira ba dalili. Wanda ya cika rumbunsa yadda ya kamata, idan ya hau sikeli da safiyar Lahadi yana iya ganin ya ƙara rabin kilo zuwa kilo guda. Ba ƙiba ba ce. Kowane giram na ajiyar nan yana riƙe da ruwa kamar giram uku, kuma wannan ruwan zai yi masa rana a fili. Wanda ya ga haka ya rage cin abincin safe don ya "yi sauƙi", ya zubar da abin da ya wahala ya tara.

Ruwan sha a jajibiri ba ya bukatar lissafi mai zurfi. A sha da kowane cin abinci, a riƙa kurɓa tsakani, a duba fitsari. Idan ya yi fari-fari da ɗan rawaya, lafiya. Idan ya yi ja kamar shayi kuma kaɗan ne, akwai bashi. Sai dai kada a bari sai an zo kwanciya a ɗura lita guda, domin tashi fitsari sau uku cikin dare ya fi ƙarancin ruwan illa.

Asabar a cikin mota

Duk abin da na faɗa yana da sauƙi ga wanda zai yi wasa a gida. Matsalar tana ga wasan waje. Ƙungiyar da ta taso daga Kano ko Katsina ko Maiduguri za ta je Aba ko Uyo ko Fatakwal ta mota, tafiyar yini guda ce cur, wani lokaci har da dare. Idan tafiyar ta faɗo a jajibiri, to ranar da ya kamata a ci sau shida ta koma ranar da za a tsaya sau ɗaya ko biyu a ci abin da aka samu. Abin da ake samu a tasha kuwa sananne ne: soyayyen abu, miya mai iyo da manja, abincin da aka dafa tun safe yana ta shan rana. Wasu yaran kuma da gangan suke ƙin shan ruwa don kada su riƙa cewa direba ya tsaya.

Gudawa ɗaya a daren wasa ta isa ta rushe aikin mako. Tana kwashe ruwa da gishirin jiki, tana hana ci, tana hana barci. Don haka a hanya ƙa'idar ita ce, abin da ba a saba ci ba, ba yau za a gwada shi ba, komai ƙamshinsa. Wanda bai taɓa cin miyar wani gari ba ya bari sai an tashi wasa. Abinci mai tururi da aka sauke yanzu ya fi wanda aka ɗumama, kuma 'ya'yan itacen da mutum zai ɓare da hannunsa sun fi waɗanda aka yanka aka ƙulle a leda.

Maganin ba tsada gare shi ba, guzuri ne irin na matafiyan da. Burodi, dabino, ayaba, zuma, biskit mara mai da yawa, dafaffen ƙwai, garin rogo da sikari, da ruwa wadatacce. Burodi kusan rabin nauyinsa sitaci ne, dabino kuwa ya fi haka. Yaron da ya riƙa cin wani abu daga jakarsa duk bayan sa'o'i biyu zai iya tara fiye da rabin bukatarsa kafin a sauka, sai abincin dare ya cike sauran. A ganina kocin da ya duba jakar guzurin yaransa kafin mota ta tashi ya yi wa wasan gobe aikin da ya fi dogon jawabin da zai yi musu a otal.

Daga busa usur na ƙarshe

Washegarin wasa ba da safiyar Litinin yake farawa ba. Yana farawa ne wajen ƙarfe shida na yammacin Lahadi, lokacin da alƙalin wasa ya tashi wasan. A sa'o'in farko tsokar da ta yi aiki tana zuƙar sikari daga jini da sauri fiye da kowane lokaci, kamar busasshiyar ƙasa a ruwan farko. Shawarar masana ita ce kamar giram ɗaya a kowane kilo duk sa'a, har sa'o'i huɗu. Ga ɗan wasanmu, wajen giram 70 ke nan a sa'a, 280 kafin ƙarfe goma na dare.

Sai dai a daidai wannan lokacin ne ba ya son ganin abinci. Jiki ya yi zafi, jini ya bar ciki ya koma ƙafa, ga murna ko takaici. Idan an ci su, wani ma fushi zai sa ya kwanta da yunwa, kamar yana hukunta kansa. Saboda haka zagayen farko da abin sha ake yin sa. A ɗakin canza kaya ya sha kwalbar lemo ɗaya, ya ci ayaba biyu. An wuce giram 70. Nan ne kaɗai wurin da zan yaba wa lemon kwalba. Wanda ya fi shi kuwa shi ne fura da nono: ga gero, ga sikari, ga furotin na nono, ga ruwa, duk a ƙwarya ɗaya, kuma tana shiga ko da ba a jin yunwa. Abin da kamfanoni ke haɗawa a gwangwani su sayar da tsada bai yi mata nisa ba. Sharaɗi ɗaya ne, a san hannun da ya dama ta da ruwan da aka dama da shi.

Wajen ƙarfe bakwai da rabi zuwa takwas, bayan jiki ya huce, sai abinci sosai: tuwo ko shinkafa ko doya, da nama ko kifi. Yanzu nama ya samu gurbinsa. Birki da juyawa da karo suna yayyaga ƙananan zaruruwan tsoka, kuma furotin ne kayan ɗinkin. Abin da jiki ke iya amfani da shi sosai a zama ɗaya kamar giram 20 zuwa 25 ne, wato ƙwai huɗu, ko yankin nama ko kifi kamar tafin hannu. Tara shi duka a tsire na dare ɗaya bai kai a rarraba shi duk bayan sa'o'i uku zuwa huɗu ba. Kafin kwanciya a ƙara kunu da burodi, da kofin madara ko kindirmo, domin furotin ɗin madara a hankali yake narkewa, yana ta aiki mutum yana barci.

Ruwan da aka zubar kuwa ana iya auna shi, kuma sikelin awon nauyi na gida ya isa. A hau kafin a fita ɗumama jiki, a sake hawa bayan wasa an tuɓe rigar da ta jiƙe. A bazara, a gari irin Sakkwato ko Maiduguri inda zafi ke haura digiri 40, ba abin mamaki ba ne mai kilo 70 ya sauko 68. Kowane kilo da ya tafi, lita ɗaya da rabi ake mayarwa, domin wani kason zai sake fita ta fitsari. Kilo biyu lita uku ke nan, ledar fiya wata shida, a sha su cikin sa'o'i huɗu zuwa shida, ba a tsaye a zama ɗaya ba. Kuma ruwa zalla ba ya zama a jiki idan babu gishiri, wucewa yake yi. Gishirin miya yakan wadatar. Wanda rigarsa ke yin farin zane bayan ta bushe, alamar guminsa mai gishiri ne, zai amfana da haɗin nan da ake yi wa yara masu gudawa: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sikari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Sikelin yana kuma ba da labarin wasan da ya wuce: wanda ya rasa fiye da kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa, kamar kilo ɗaya da rabi ga ɗan wasanmu, bai sha isasshen ruwa a fili ba.

Abubuwa biyu ke lalata wannan daren. Giya tana rage saurin gyaran tsoka, tana ƙara fitsari, tana ɓata barci. Sai kuma goro, kofi, shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari, waɗanda sinadarinsu kan yi sa'o'i biyar kafin rabinsa ya bar jini. Ɗan wasa dama da ƙyar yake barci bayan wasa. Ya zauna majalisar shayi har sha biyu, ya ƙara wa Borno dawaki.

Litinin

Da mutum ya yi dogon gudu ne kawai a kan titi, yini da kwana na cin sitaci sun isa su mayar masa da ajiyarsa. Ƙwallo ba haka take ba. Tsokar da ta ji rauni ba ta karɓar sikari da sauri kamar lafiyayya, don haka cikar rumbu bayan wasa kan ɗauki kwana biyu, wani lokaci har uku. Tsakanin usur na Lahadi da na Laraba kuwa kwana uku ne cif, babu rara. Shi ya sa ga mai wasa biyu a mako, Litinin tana bukatar giram 6 zuwa 8 ɗin nan daidai da Asabar, Talata kuma ta sake zama jajibiri. Wato daga Asabar har Alhamis farantinsa ba ya raguwa.

A nan ne ake faɗuwa. Litinin ranar ciwon jiki ce. Yaro ya yi barci har sha ɗaya, karin kumallo ya wuce, ya ci wani abu da la'asar, ya ci na dare, shi ke nan. Ko kuma yana cikin mota ana dawowa gida, tafiyar Asabar ta maimaita kanta. Ranar Laraba sai ya ji ƙafafunsa kamar an ɗaura musu turmi tun minti na 50, ya rasa dalili, alhali ya huta sosai. Hutun ya samu, cin ne bai samu ba. Gara ya tashi ya karya da ƙarfe takwas ya koma ya kwanta.

Bambancin Litinin da Asabar shi ne ƙofa a buɗe take. Wake ya dawo, alale ya dawo, miyar kuka, miyar taushe, zogale, alayyahu, lemo, gwanda, kankana, mangwaro idan lokacinsa ne. Abin da aka hana ciki saboda tsoron kumburi yanzu ake biyan sa, kuma jiki yana bukatarsa. Shinkafa da wake da kifi abinci ne na Litinin da ba shi da na biyu. Furotin na yinin ya kai kamar giram 110 zuwa 150 ga mai kilo 70, a zama huɗu ko biyar. Da safiyar Talata a sake hawa sikeli bayan an yi fitsari: idan nauyi ya dawo inda yake ranar Asabar, fitsari ya washe, to an kama hanya. Idan har yanzu da giɓin kilo guda, akwai sauran bashi, kuma yini ɗaya ya rage a biya shi.

A watan azumi lissafin bai canza ba, lokacin ne ya matse. Mai azumi sai ya raba abin zuwa zama uku: buɗa-baki da dabino da kunu da ruwa, babban abinci bayan tarawihi, sannan sahur mai nauyi a ƙarshen lokaci. Soye-soyen buɗa-baki su ne abokan gaba, domin su ke cinye wurin da ba shi da yawa.

Wannan tsarin kuma ba na kowa ba ne daidai wa daida. Wanda ke buga wasan unguwa sau ɗaya a mako ba ya bukatar tseren sa'o'i huɗun nan, domin yana da kwanaki shida. Abincin dare mai kyau da na washegari sun ishe shi. Mai tsaron raga bai ci rabin nisan ɗan tsakiya ba, don haka ƙasan ma'aunin ya wadatar da shi. Mata 'yan ƙwallo da nauyinsu za su yi lissafin, mai kilo 58 ba za ta ci na mai 70 ba. Sai kuma ɗan benci, wanda ya ci na Asabar kamar kowa saboda bai san ko za a sa shi ba, aka ba shi minti goma ko ma bai taɓa ƙwallo ba. Shi rumbunsa yana nan cike. Idan ya bi sahun waɗanda suka yi minti 90 ya ci nasu na daren Lahadi da na Litinin, mako bayan mako, kafin a kai rabin kaka wandonsa zai fara matse shi. Nasa shi ne abincin yau da kullum, da ƙarin gudun da koci zai ba shi ranar Litinin yayin da sauran ke miƙe ƙafa.